Taƙaita tattaunawar rukuni ba tare da danne ra'ayin 'yan tsiraru ba: wace hanya ce ta dace da aikinka?

Duk wanda ya taɓa tara mutum takwas a ɗaki ɗaya a Agege ko Idi-Araba domin jin ra'ayinsu kan wani abu, ya san cewa wahalar ba a zaman take ba. Tana zuwa ne bayan an watse, sa'ad da aka bar ka da muryar minti 90 a waya, da takardu biyu ko uku da marubucin zama ya cika, ga kuma wanda ya ba ka aikin yana jiran rahoto mai shafi biyu. A nan ne yawanci ake yi wa mutum ɗaya ko biyu kisan mummuƙe: sun zo, sun faɗi abin da ya saɓa wa na jama'a, amma rahoton ya fito yana cewa "mahalarta sun amince".

Hanyoyi uku ne aka fi bi wajen taƙaitawa: ta rubutun zama kaɗai, ta jadawalin mutum da tambaya, da ta cikakken kwafi tare da manhaja. Kafin a auna su, ga ma'aunan da nake ganin sun kamata.

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi: shin hanyar tana riƙe da wane ne ya faɗi me? Ra'ayin 'yan tsiraru yakan ɓace ne a daidai lokacin da aka raba magana da mai ita. Da zarar an rubuta "an ce" maimakon "kujera ta takwas ya ce", ba za ka ƙara iya bambance maganar da mutum shida suka faɗa sau ɗaya-ɗaya da wadda mutum ɗaya mai baki ya maimaita sau shida ba. Na biyu shi ne tsada, wato awanni da kuɗin masu aiki. Na uku ɗorewa: idan bayan wata shida wani ya ƙalubalanci rahoton, akwai inda za a koma a duba? Na huɗu sauƙin koyo. Na biyar haɗari, musamman na tona asirin wanda ya yi magana.

Misalin da za mu yi aiki da shi

A ce wata ƙungiya tana son sanin ko masu harkar tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas za su yarda a riƙa kawo kaya daga Arewa a akwatin roba maimakon kwando. Batu ne da ake yi a kasuwar, domin kwando yana danne na ƙasa a doguwar tafiyar tirela daga Kano ko Kaduna, akwati kuwa ana jera shi ba tare da nauyi ya hau kan tumatirin ba. An zauna da mutum takwas, an ba kowa lambar kujera daga K1 zuwa K8. Misali ne na ƙirƙira don bayani, amma irin abin da ke faruwa ke nan.

K1 dattijon dillali ne, shi ya fara magana, ya yaba akwati saboda raguwar asara. K2 da K4 suka goyi baya, kowa da dalilinsa. K3 da K5 ba su ce komai ba sai "haka ne, Alhaji". K6 ya ce ya yarda, amma da sharaɗin a fara warware wanda zai biya kuɗin mayar da akwatunan Arewa babu kaya a ciki, da wanda zai ɗauki asarar wanda ya ɓace. K8, wanda ke magana da yawun 'yan dako, ya ƙi, ya ce jingar ɗaukar kaya a kan kwando aka san ta, idan aka sauya ma'auni su ne za a fara zalunta. K7, mai kasawa a tire, bai buɗe baki ba kan wannan tambayar. Sai da aka kashe rikoda ana rabon ruwa ya matso kusa da marubucin zama ya ce masu saye da kwando suke ciniki, da ido suke kimanta shi, kuma yana tsoron kada akwati ya rikita masa lissafin riba.

Idan aka yi gaggawa za a rubuta cewa shida cikin takwas sun goyi baya. A zahiri uku ne suka goyi baya da hujja, biyu sun bi dattijo, ɗaya ya gindaya sharaɗi, ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi shiru a gaban manya. Kowace hanya za mu duba ko za ta iya fitar da wannan hoton.

Hanya ta farko: rubutun zama da bitar nan-take

Marubucin zama yana rubuta abin da ake faɗa yayin da mai jagoranci ke tambaya. Da an watse, su biyun su zauna na minti 20 zuwa 30 su yi bita tun abin yana da zafi a ƙwaƙwalwa, sannan a rubuta taƙaitawa jigo-jigo, sakin layi ɗaya ga kowace tambaya.

Arha ce, babu shakka. Awa biyu zuwa uku sun isa ga zama ɗaya, kuma ba ta buƙatar komai sai littafi da biro. Tana da wata falala da sauran ba su da ita: marubuci mai lura yana kama abin da rikoda ba ta kamawa, kamar yadda K3 ya dubi fuskar Alhaji kafin ya amsa, ko yadda K8 ya juya kujerarsa bayan an katse shi. Maganar K7 ta bayan zama ma ta nan kaɗai take shigowa.

Amma ita ce mafi haɗari ga 'yan tsiraru. Hannu ba ya iya bin baki, saboda haka marubuci yana zaɓe tun a wurin, kuma abin da yake zaɓa shi ne wanda aka faɗa da ƙarfi, a tsare, cikin Hausa mai daɗin rubutawa. Maganar ɗan dako da ta zo a guntule, rabi Hausa rabi Turancin buroka, cikin hayaniyar janareta, ita ce ke fara zubewa. Ƙwaƙwalwa kuma tana son labari mai kai ɗaya. Zuwa washegari mai jagoranci zai riƙa tuna zaman a matsayin wanda "aka yi ittifaƙi". Ɗorewarta kaɗan ce, don in ba a ɗauki murya ba babu wurin komawa.

Ana iya rage ɓarnar da abu biyu. A zana taswirar kujeru kafin a fara, kowace magana a sa mata lambar kujera a gefe. A bitar kuma tambaya ta farko ta zama: wa ya saɓa, kuma wa bai yi magana ba? Idan aka fara da "me suka ce gaba ɗaya", an riga an makara.

Hanya ta biyu: jadawalin mutum da tambaya

Wannan ita ce zan fi daɗewa a kanta, domin ita nake ganin ta fi dacewa da yawancin ayyukan ƙungiyoyi da ɗalibai. Asalinta tsari ne da Jane Ritchie da Liz Spencer suka tsara a Birtaniya a shekarun 1980 don binciken da ya shafi manufofin gwamnati, inda ake buƙatar amsa cikin lokaci kuma a iya nuna daga ina aka samo ta.

Ga yadda ake yi. Ka buɗe Excel ko Google Sheets, ko ka ja layi a babbar takarda. Kowane layi na kwance na mutum ɗaya ne, K1 zuwa K8. Kowane ginshiƙi na tsaye na tambaya ɗaya ne ko jigo ɗaya. Sai ka saurari muryar da aka ɗauka, kana tsayawa kana cika gurabe: a kowane gurbi ka rubuta matsayin mutumin a jimla ɗaya ko biyu, da dalilinsa, da mintin da ya faɗa. Ba ka kwafe komai da komai, sai jimlolin da kake son kawowa kalma da kalma. Ginshiƙin tambayar akwati zai fito kamar haka:

| Kujera | Matsayi | Dalili | Minti |
|---|---|---|---|
| K1 | goyon baya | asarar tumatirin ƙasa za ta ragu | 12 |
| K2 | goyon baya | lodi ya fi tsari a mota | 14 |
| K3 | ya bi K1 | bai kawo dalili ba | 13 |
| K4 | goyon baya | kaya mai kyau ya fi daraja | 17 |
| K5 | ya bi K1 | bai kawo dalili ba | 13 |
| K6 | da sharaɗi | kuɗin mayar da akwati, da ɓatansa | 21 |
| K7 | shiru | ya yi magana bayan zama | babu |
| K8 | adawa | jingar 'yan dako za ta faɗi | 25 |

Amfanin jadawalin yana cikin guraben da babu komai. A rubutun zube, shirun K7 ba ya barin alama; a nan kuwa gurbi ne a buɗe yana kallonka, dole ka tambayi kanka me ya sa. Haka kuma "haka ne" na K3 da K5 ba za su shige cikin sahun masu hujja ba, tunda wurin dalili ya nuna babu. A cikin mutanenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saurayi ba zai musa wa dattijon da ke ba shi kaya bashi ba, kuma a gaban jama'a. Amincewarsa tana iya zama ta gaske, tana iya zama ladabi, kuma aikin mai taƙaitawa shi ne ya rubuta abin da ya gani ba tare da ya yanke wa mutumin hukunci ba.

Karanta jadawalin ta fuska biyu ake yi. Daga sama zuwa ƙasa kana ganin yadda ra'ayoyi suka rarrabu kan tambaya ɗaya. Daga hagu zuwa dama kana bin mutum ɗaya a duk zaman, a nan ne za ka gano wanda ya sauya matsayi. A ce K2 ya yabi akwati a minti na 14, amma da K6 ya kawo maganar kuɗin mayarwa sai ya ce "gaskiya wannan ban yi tunaninsa ba". Irin wannan sauyin ya fi ƙidayar hannu daraja, domin yana nuna hujjar da ke da ƙarfin juya mutane idan maganar ta fita kasuwa. Hujjar mutum ɗaya ce, amma ita ce ta motsa wani.

Lokaci fa? A kiyasina, zaman minti 90 yana cin awa huɗu zuwa shida, gwargwadon tsabtar muryar. Zama huɗu, kwana biyu zuwa uku na aiki ke nan ga mutum ɗaya. Kuɗin manhaja babu. Koyonta ba ya wuce yini guda idan aka yi zama ɗaya tare da wanda ya iya. Ɗorewarta mai kyau ce saboda ginshiƙin minti: duk wanda ya yi shakka sai a kunna masa wurin.

Tana da rauni guda biyu da ya kamata a sani. Na ɗaya, tana dogara ga gane muryoyi. Maza takwas masu kusan shekaru ɗaya, a rikodar waya da aka ajiye tsakiyar tabarma, ba su da sauƙin bambancewa bayan mako guda. Maganinsa shi ne marubucin zama ya riƙa rubuta lambar kujera da kalmomi uku na farkon kowace magana, kuma a cika jadawalin cikin kwana biyu. Na biyu, gurabe suna yanyanka hira. Musayar da aka yi tsakanin K1 da K8, inda dattijon ya ce "kai yaro, bari manya su gama", ba ta da gida a layin kowa. Don haka a ƙara ginshiƙi ɗaya a ƙarshe na yadda aka yi mu'amala: wa ya katse wa, wa aka yi wa dariya, wace magana ce aka bari ta faɗi ƙasa babu wanda ya ɗauka.

Hanya ta uku: cikakken kwafi da manhaja

A nan ana juyar da dukkan muryar zuwa rubutu, kalma da kalma, da lambar mai magana a gaban kowace jimla. Sannan a shigar da rubutun cikin manhaja, a riƙa liƙa wa sassa alamomi irin su "kuɗin mayarwa" ko "jingar dako", daga baya a tattaro duk abin da ke ƙarƙashin alama ɗaya. NVivo, ATLAS.ti da MAXQDA na biya ne, kuma da kuɗin waje ake sayen lasisinsu. Taguette da QualCoder kyauta ne, sun kuma isa ga aikin zama huɗu ko shida.

Tsadar tana cikin kwafin. Awa ɗaya ta hirar rukuni takan ci awa shida zuwa takwas wajen rubutawa, don mutane suna hawa kan maganar juna. Minti 90 ke nan awa 9 zuwa 12; zama huɗu, awa 36 zuwa 48, tun ba a fara nazari ba. Idan rahoton da Turanci za a miƙa, sai a ƙara fassara, kuma a Legas mai kwafin yana buƙatar kunnen da ke jin Hausa da buroka da ɗan Yarbancin kasuwa.

Ita ce mafi ɗorewa, kuma babu wadda ta kai ta adana ainihin lafazi. Sai dai kada a ɗauka tana kare 'yan tsiraru da kanta. Manhaja tana nuna maka adadin sassan da ke ƙarƙashin kowace alama, ido kuma yana tafiya ga babban adadi. "Raguwar asara" za ta fito sau goma sha biyar, amma takwas daga bakin K1 ne. "Jingar dako" sau biyu. Wanda bai duba yawan mutanen da suka faɗa ba, ya tsaya ga yawan faɗar, zai yi kuskuren da mai littafi da biro ya yi, bayan ya kashe ninkin kuɗi. Kuma abin da aka faɗa bayan kashe rikoda ba ya cikin kwafi ko kaɗan.

| Ma'auni | Rubutun zama | Jadawali | Cikakken kwafi |
|---|---|---|---|
| Riƙe wa ya faɗi me | rauni | ƙarfi sosai | ƙarfi, in an sa lambobi |
| Awanni ga zaman minti 90 | 2 zuwa 3 | 4 zuwa 6 | 9 zuwa 12, ban da nazari |
| Kuɗin kayan aiki | babu | babu | kyauta ko lasisi |
| Ɗorewa | kaɗan | mai kyau | mafi kyau |
| Sauƙin koyo | mai sauƙi | yini guda | makonni |
| Babban haɗari | mantuwa da bin mai ƙarfi | yanyanka hira | bin yawan adadi |

Yadda sakin layin ƙarshe zai kasance

Ko wace hanya aka bi, a ƙarshe sakin layi za a rubuta, kuma a nan ake gane ko aikin ya yi. Ga irin wanda nake so in gani kan misalinmu:

"Mahalarta uku sun goyi bayan akwatin roba, suna kafa hujja da raguwar asara, tsarin lodi da darajar kaya. Wasu biyu sun amince bayan babban dillali ya yi magana, ba su kawo dalilin kansu ba. Mutum ɗaya ya ɗaure amincewarsa da warware kuɗin mayar da akwatuna Arewa, kuma wannan hujjar ta sa ɗaya daga masu goyon baya ya ja da baya. Mutum ɗaya ya yi adawa da ƙarfi kan jingar masu ɗaukar kaya; an katse shi kuma ba a amsa hujjarsa ba. Mutum ɗaya bai yi magana kan batun ba."

Lura da cewa babu kashi cikin ɗari. Mutum takwas da aka gayyato ba samfurin kasuwa ba ne, saboda haka "kashi 75 sun amince" ƙarya ce da rigar lissafi. Ɗan dako ɗaya a ɗakin yana iya wakiltar mutanen da suka fi dillalan yawa a waje. Ƙarancinsa a zaman sakamakon wanda aka gayyata ne, kuma abin da ya fi dacewa a shawarta shi ne a yi wa 'yan dako zama nasu daban, masu kasawa ma haka, inda babu ubangida a wurin. Haka nan kada a kwashe ra'ayin masu saɓani a kai shi ƙarshen rahoto ƙarƙashin "sauran bayanai". A sa shi a sakin layi ɗaya da na masu rinjaye, da hujjarsa a cike, cikin lafazi mai daraja ɗaya. Idan an kawo wa K1 jimla kalma da kalma, a kawo wa K8 ma.

Akwai kuma batun asiri, wanda ya fi tsanani ga mai saɓani. Hausawan kasuwa ɗaya sun san juna. Idan ka rubuta "wakilin 'yan dako ya ce", ka ambaci sunansa ke nan ko da ba ka rubuta shi ba, kuma gobe shi zai haɗu da waɗanda ke ba shi aiki. A rahoton da zai koma hannun shugabannin kasuwa, gara a ce "wani mahalarci". Takardar da ke haɗa lambar kujera da suna a ajiye ta daban da jadawalin, muryar kuma kada ta yi yawo a WhatsApp. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin waɗannan bayanan da ake iya gane mutum da su. Maganar K7 kuwa, tunda a gefe ya faɗa, sai an koma an nemi izininsa: "Malam, abin da ka gaya mini ɗazu, ka yarda in sa ba tare da suna ba?" In ya ce a'a, ba ta shiga, sai dai ta zama tambaya a zama na gaba.

Wace ce taka?

Idan zama ɗaya ne ko biyu, kan abu mara nauyi kamar zaɓen ranar taro ko gwada ko saƙon faɗakarwa yana fahimtuwa, kuma gobe ake son amsa, rubutun zama ya isa, muddin akwai taswirar kujeru kuma an yi bitar kafin a bar wurin. Ita ce kuma kaɗai mafita idan mahalarta sun ƙi a ɗauki muryarsu, abin da kan faru idan batun ya taɓa haraji ko jami'an gwamnati.

Idan zama uku ne zuwa takwas, kuma za a yanke shawarar da ta shafi abincin wasu, kamar misalin akwati da kwando, ko sauya wurin tsayawar masu sana'a, ko tsarin kuɗin ƙungiya, ka ɗauki jadawali. Haka idan rukunin ya haɗa manya da na ƙasa da su, ko mata kaɗan cikin maza, domin a irin wannan zaman ne shiru ke da yawa.

Cikakken kwafi na ɗalibin digiri na biyu ko na uku ne da za a tambaye shi hujja a gaban malamai, da binciken da za a wallafa, da aikin da wata ƙungiya za ta sake nazarin bayanansa daga baya. Shi ma ina ba shi shawara ya gina jadawali daga kwafin kafin ya rubuta babin sakamako. Wanda kuma kuɗinsa bai kai kwafe komai ba amma yana son lafazi, zai iya cika jadawali ga duk zaman, sannan ya kwafe kalma da kalma mintunan da aka yi saɓani kaɗai, waɗanda galibi ba su da tsawo a zaman minti 90.